Martani: Lambar IV Rank Ba Ta San Tsada Ba, Bara Kawai Ta Sani

Akwai wata maƙala da ke yawo a hannun matasanmu, musamman ma'aikatan masana'antu da ofisoshin Idu waɗanda suka fara taɓa kasuwar hannun jarin Amurka ta wayoyinsu. Marubucin ya san abin da yake magana a kai, kuma bai ɓoye hujjarsa ba, don haka ya cancanci a maimaita ta yadda take kafin a taɓa ta. Cewa ya yi kwangilar zaɓi, wato takardar da ke ba mutum damar saye ko sayar da hannun jari a kan farashin da aka tsayar kafin wata rana, tana yin tsada idan kasuwa na tsoron girgiza, tana yin araha idan hankali ya kwanta. Ya ce tsoro ba ya ɗorewa, duk hawan da ya yi sai ya sauko. Saboda haka aikin ɗan kasuwa ɗaya ne: ya duba lambar da manhajar dillali ke nunawa da sunan IV Rank, in ta haura 50 ya sayar da kwangila ya karɓi kuɗi, in ta yi ƙasa da 20 ya saya. Ya ƙara da cewa masu sayarwa sun fi masu saye cin riba idan an yi lissafi na tsawon shekaru. Ya rufe da cewa wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya huta da karanta labarai.

Wannan jimla ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a nan ne shawarar ta tashi daga bayani ta koma haɗari.

Kafin a shiga gardama, ya kamata a san abin da lambar take aunawa. Farashin kowace kwangilar zaɓi yana ɗauke da wani hasashe a cikinsa: nawa kasuwa ke ganin farashin hannun jarin zai yi sama da ƙasa a cikin shekara. Wannan hasashe shi ne ake rubutawa IV a allo. Idan aka ce IV na wani kamfani 30 ne, ana nufin masu ciniki sun sa wa kwangilar kuɗi kamar farashin zai yi lilo na kusan kashi 30 cikin ɗari a shekara. To amma 30 ɗin nan yawa ne ko kaɗan? Ga kamfanin sayar da lemo yawa ne, ga ƙaramin kamfanin haɗa magunguna kaɗan ne. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyi biyu na gwada kowane kamfani da tarihin kansa:

```
IV Rank = (na yau - mafi ƙasa) / (mafi sama - mafi ƙasa) x 100
IV Percentile = (kwanakin da suka gaza na yau / 252) x 100
```

Ta farko tana ɗaukar lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta a mako 52 da suka wuce, ta ce a ina yau ta faɗa tsakaninsu. Ta biyu tana ƙirga kwanakin ciniki na shekara, kusan 252, ta ce a kwana nawa IV ya kasance ƙasa da na yau. Shi ke nan. Babu wani sirri. Duk wanda ya dubi lissafin da idon basira zai ga babu gobe a cikinsa ko kaɗan. Jiya ce da shekaranjiya, har zuwa bara warhaka.

Ban musa wa malamin da ya rubuta maƙalar cewa girgiza tana komawa matsakaicinta ba. Gaskiya ne. Ma'aunin VIX, wanda kasuwar Cboe ta Chicago ta fito da shi a 1993 kuma yake auna hasashen girgizar jerin manyan kamfanonin S&P 500 na kwana 30 masu zuwa, ya daɗe yana kewaya 19 zuwa 20 a matsakaici, kuma duk lokacin da ya yi tsalle ya kan dawo. Ban kuma musa cewa hasashen kasuwa ya kan ɗara girgizar da take aukuwa a zahiri da 'yan maki ba, domin mai sayen kariya a shirye yake ya biya ƙari don ya yi barci. Inda muka rabu shi ne a kan kalmar "tsada". Kwangilar zaɓi tana da tsada ne idan girgizar da aka biya kuɗinta ta fi wadda za ta auku kafin wa'adin ya cika. Tana da araha idan wadda za ta auku ta fi wadda aka biya. Ma'aunin tsada yana gaba, lambar malamin kuwa baya take kallo. Buhun masara da ya kai farashin da bai taɓa kaiwa ba a bana a Dawanau ba lallai ne ya yi tsada ba, idan damina ta riga ta lalace kuma masu saye sun sani.

A ɗauki makon ƙarshe na Fabrairun 2020, a bi ƙa'idar malamin sau da ƙafa. A shekarar da ta gabaci wannan mako, VIX ya rufe mafi ƙasa a 11.54 a Nuwamban 2019, mafi sama kuma bai kai 25 ba, a Agustan 2019. Ranar Litinin 24 ga Fabrairu, bayan cutar korona ta ɓulla da ƙarfi a arewacin Italiya, ya rufe a 25.03. IV Rank ya cika 100. IV Percentile ma ya cika. A ƙa'idar malamin babu ranar da ta fi wannan kyau ga mai sayarwa, tunda tsada ta kai maƙura. A ranar S&P 500 yana wajen 3,226. VIX na 25 yana nufin kasuwa na hasashen motsi na kusan kashi 7 cikin ɗari a wata guda, wato maki 230 da 'yan kai. Mai bin ƙa'ida sai ya sayar da kwangilar put, wadda ke tilasta masa biyan bambanci in farashi ya faɗi ƙasa da inda aka tsayar, ya tsayar da ita a 3,000, can gefen abin da ake hasashe, wa'adi mako huɗu. Mu ƙaddara ya karɓi maki 30, wanda bai yi nisa da abin da lissafi ke bayarwa ba. Kowane maki a wannan kwangila dala 100 ne, don haka dala 3,000 sun shiga asusunsa, yana murna.

Ranar Alhamis VIX ya rufe a 39. IV Rank nawa? Ɗari. Ranar 9 ga Maris ya haura 54. IV Rank nawa? Ɗari. Ranar 12 ga Maris ya haura 75, ranar 16 ga Maris ya rufe a 82.69, adadin da ya zarce na rikicin bankuna na 2008. Lambar tana nan a ɗari, domin ba ta da inda za ta wuce. Wane irin ma'auni ne wannan da ke ba da amsa ɗaya a 25 da 39 da 54 da 82? Ranar 23 ga Maris S&P 500 ya rufe a 2,237. Faɗuwar ta kai maki 989, fiye da ninki huɗu na abin da aka yi hasashe. Mai put ɗin nan zai biya maki 763, wato dala 76,300, a cire 3,000 da ya karɓa, saura 73,300. Sai ya ci irin wannan ciniki sau 24 a jere, ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, kafin ya doshi inda ya taso. Wannan ma in dillali ya bar shi ya kai ƙarshen wa'adi ke nan, alhali a zahiri tun a tsakiyar hanya za a nemi ya ƙara kuɗin jingina, in ya kasa a rufe masa cinikin a mafi munin farashi. Kwangilar da lambar ta kira mafi tsada a shekara, ita ce ta zamo ɗaya daga cikin mafi araha da aka sayar a wancan zamani. Haƙiƙa tsoro ya sauko daga baya, kamar yadda malamin ya yi alkawari. Sai dai ya sauko ne bayan ya gama da asusun almajirinsa.

Za a ce ai annoba ce, ba kullum ake yin ta ba. To a bar Maris, a zo Oktoban shekarar, inda ƙa'idar ta yi kuskure ta ɗaya ɓangaren. Ranar 28 ga Oktoba, 2020, saura kwana shida zaɓen shugaban ƙasar Amurka, VIX ya rufe a 40.28, ninki biyu na matsakaicinsa na tarihi. A yi lissafin: 40.28 a cire 11.54 ya ba da 28.74, 82.69 a cire 11.54 ya ba da 71.15, a raba, a samu 40. Wato IV Rank 40, ƙasa da layin 50 na malamin. A ƙa'idarsa wannan rana ba ta kai a sayar ba, kwangila ba ta yi tsada ba. Amma kwanakin da VIX ya rufe sama da 40 a wannan shekara ba su da yawa, kusan duk a Maris da Afrilu suke, don haka IV Percentile ya haura 80. Lamba ɗaya ta ce matsakaici, ɗaya ta ce sama ƙwarai, a rana ɗaya, a kan kaya ɗaya. Kafin ƙarshen mako na gaba VIX ya sauko wajen 25. Ranar da ya kamata ƙa'idar ta ce a yi hattara ta ce a sayar, ranar da sayarwa ta biya kuma ta yi shiru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. IV Rank lambobi biyu kacal yake kallo daga cikin 252, kuma su biyun nan su ne mafi ban mamaki a shekarar. Tsalle ɗaya ya isa ya danne shi har tsawon wata goma sha biyu. Ranar da wannan tsalle ya fita daga lissafin mako 52 kuma, lambar za ta iya yin sama da dare ɗaya alhali farashin kwangila ko motsi bai yi ba. Me ya yi tsada a daren? Kalanda ce kawai ta juya.

Nan mai kare malamin zai ce, madalla, a bar Rank a koma Percentile, magana ta ƙare. Na yarda Percentile ya fi shi hankali, domin tsalle ɗaya ba ya ruɗa shi. Amma shi ma shekarar da ta wuce ce duniyarsa, kuma in shekarar ta kasance ta daban, hukuncinsa zai zama na daban. Shekarar 2017 na daga cikin mafi kwanciyar hankali a tarihin kasuwar Amurka. Matsakaicin VIX a shekarar wajen 11 ne, ya rufe a 9.14 ranar 3 ga Nuwamba, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani, mafi girmansa kuma ya tsaya wajen 16. A irin wannan shekara, 13 ma ya zarce mafi yawan kwanaki, sai Percentile ya kira shi tsada, alhali bai ko kusanci matsakaicin tarihi ba. Ranar Juma'a 2 ga Fabrairu, 2018, VIX ya rufe a 17.31. Lambobin biyu suka haɗu a kan ɗari, babu saɓani a wannan karon. Ranar Litinin ya rufe a 37.32, ya ninka har da ɗoriya a yini guda. Wata takardar zuba jari mai suna XIV, ta bankin Credit Suisse, wadda aikinta shi ne cin riba daga saukar girgiza, ta yi asarar sama da kashi 90 cikin ɗari na darajarta, bankin ya sanar da rufe ta. Waɗanda suka ƙone a ranar ba jahilai ba ne. Mutane ne da suka shekara biyu suna ganin ƙa'idar tana biya.

Abin ya fi bayyana idan aka sauko daga jerin kamfanoni zuwa kamfani guda, inda yawancin matasanmu ke ciniki. Kamfanonin da ke kasuwar Amurka suna fitar da rahoton riba duk wata uku, kuma ranar sananniya ce. Yayin da take matsowa IV yana hawa, Rank yana hawa, washegarin rahoto kuma ya faɗi warwas. Wanda bai duba kalanda ba zai ga 85 a allo ya ce ya tsinci dami a kala. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin ya hau ne don akwai dare ɗaya a cikin wa'adin da farashi zai iya yin tsalle ba tare da an sami damar fita ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 2022, hannun jarin Meta ya faɗi da kashi 26 cikin ɗari bayan rahoto. Ranar 20 ga Afrilu na shekarar, na Netflix ya faɗi da kashi 35. A duka biyun, ko da IV ya sauka bayan rahoton kamar yadda aka saba, saukar ba ta amfani wanda ya sayar da put da komai ba. Ta yaya mutum zai huta da karanta labarai, alhali labarin ne ya ɗaga lambar da yake dogaro da ita?

Ɗaya rabin ƙa'idar, wato a saya idan lamba ta yi ƙasa, ba ta fi ta farko lafiya ba. Kwangilar zaɓi tana zubar da daraja kowace rana da ta wuce ba tare da motsi ba. Wanda ya yi ta saye a 2017 don Rank yana ƙasa da 20, wata bayan wata ya yi ta biya, girgizar da ta auku kuma ta yi ta gaza ɗan abin da ya biya. Ƙarancin lamba ba ya sa ranar tashinta ta matso. Akwai kuma kwanciyar hankalin da ba ta gaskiya ba ce, kuma mu 'yan Najeriya ba ma buƙatar a je Chicago a koya mana wannan. Duk mai masana'anta a Idu da ke shigo da kayan aiki da dala ya san abin da ya faru. Watanni da dama kafin Yunin 2023, dala a kasuwar hukuma tana kwance a wajen naira 460, da ƙyar take motsi, domin Babban Banki ne ke riƙe da ita. Duk ma'aunin da ya dubi shekarar baya zai ce babu kuɗin da ya fi naira natsuwa. Ranar 14 ga Yuni aka sake ta, ta haura 600 a yini guda, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Abin da ya yi gargaɗi a lokacin ba tarihin farashin hukuma ba ne. Tazarar da ke tsakaninsa da farashin 'yan canji na Zone 4 ce, da jawabin sabon shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu inda ya ambaci haɗe farashin canji. Wato labarai, abin da malamin ya ce a huta da shi.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta matsakaici: a tsawon shekaru masu sayarwa ne ke gaba. Haka ne, kuma dalilin da ya sa suke gaba shi ne abin da ya manta bai faɗa ba. Ribar ladan ɗaukar haɗari ce, irin wadda kamfanin inshora ke samu. Kamfanin inshora yana da jari mai kauri, yana rarraba haɗarinsa a kan dubban mutane, yana kuma sayen kariya daga wani kamfanin da ya fi shi. Ma'aikacin da ya tara albashin wata shida ya canza shi zuwa dala ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Matsakaicin shekara ashirin na wanda ya rayu shekara ashirin ɗin ne a kasuwa. Idan kuma aka ce a iyakance asara ta hanyar sayen wata put a ƙasa, misali a sayar ta 3,000 a sayi ta 2,950, wannan gyara ne na gaske, domin asarar ba za ta wuce maki 50 ba. Sai dai a lura da abin da ya ceci mutum a nan. Tsarin cinikin ne da girmansa, ba lambar Rank ba. Kuma kariyar da aka saya ita ma a ranar tsadar aka saye ta, don haka mafi yawan "tsadar" da aka zo ci ta tafi wajen biyanta.

To me lambar take da amfani a kai? Tana da amfani a matsayin mai nuni. Idan mutum yana da kamfanoni hamsin a gabansa, tana nuna masa biyar ɗin da wani abu ke faruwa a kansu, don ya je ya bincika. Binciken kuwa yana farawa da lissafi mai sauƙi: a raba IV da 16, a sami motsin da ake hasashe a kowace rana. Sha shidan nan ta fito ne daga saiwar 252, wadda ta kusa 15.9. IV na 32 yana nufin kusan kashi 2 cikin ɗari a rana. Sai a dubi kwana 20 na baya a ga nawa farashin yake motsawa a zahiri, lambar da manhajoji da yawa ke rubutawa HV. In yana motsa kashi 1 kuma babu rahoto, babu hukuncin kotu, babu zaman Babban Bankin Amurka a cikin wa'adin, to akwai maganar tsada da za a iya tattaunawa. In yana motsa kashi 3, kwangilar ba ta da tsada ko da Rank ya cika ɗari. A 24 ga Fabrairun 2020 VIX na 25 yana hasashen kashi 1.6 a rana, S&P 500 kuwa ya faɗi da fiye da kashi 3 a ranar kanta, ya sake faɗuwa da kashi 3 washegari. Wannan ɗan rabe-raben ya faɗi abin da Rank ya kasa faɗa.

Sannan a san wace lamba manhajar take nunawa, domin ba duka suke lissafi iri ɗaya ba. Wasu suna rubuta suna ɗaya suna lissafa ɗayan. Wasu suna amfani da farashin rufewa, wasu da ƙololuwar tsakar rana. Ranar 5 ga Agusta, 2024, VIX ya taɓa 65 da safe amma ya rufe a 38.57. Dillalin da ya ɗauki 65 da wanda ya ɗauki 38 za su ba abokan ciniki biyu amsa biyu na tsawon watanni, layin 50 na malamin kuma ya faɗo a wurare biyu mabambanta. Wanne daga ciki ne ƙa'idar take nufi? Maƙalar ba ta ce ba.

Akwai abubuwa biyu kuma da ta tsallake waɗanda mai karatun Hausa ke da haƙƙin ji. Abin da kasuwar NGX ta Legas ta ƙaddamar a Afrilun 2022 kwangilolin farashin gaba ne a kan jerin kamfanoni, ba kwangilar zaɓi ba, don haka wanda zai bi shawarar malamin a kasuwar waje zai yi, da dala, kuma asararsa da dala za ta zo. Na biyu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa kwangilar zaɓi yadda ake cinikinta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba. Wannan fage ne na malamai, ba nawa ba, amma wanda ke kiran jama'a zuwa ciniki bai kamata ya yi kamar maganar ba ta wanzu ba.

Malam, ina roƙon ka janye jimlar nan ta cewa mai riƙe da ƙa'idarka ya huta da karanta labarai, ka kuma sake buga maƙalar da lissafin 24 ga Fabrairu da na 28 ga Oktoban 2020 a cikinta, masu karatunka su gani da idonsu kafin su sa kuɗinsu.